"Ni Na Yi": Yadda Ake Rubuta Wa Shugaba Saƙon Amsa Kuskure

Mu ɗauki misalin wani akawu, mu kira shi Sani, da ke aiki a wani kamfanin rarraba takin zamani a Kano. Wani dila a Gusau ya biya kuɗin buhu 320. Da safiyar Litinin Sani ya cike takardar lodi, sai hannunsa ya juya lambobin, ya rubuta 230. 'Yan dako suka loda abin da takarda ta ce, direba ya sa hannu, mota ta kama hanya. Sai wajen ƙarfe biyu na rana, yana daidaita littafin sito da rasit, ya ga buhu 90 na zaune a ajiye waɗanda ya kamata a ce suna kan hanyar Funtua. Damina ta kankama, manoma na jiran taki, dilan kuma ya riga ya yi wa mutanensa alkawari. Shi kuwa maigidan Sani yana Abuja, bai san wainar da ake toyawa ba.

Sani ya ɗauki waya. Ya rubuta sallama, ya goge. Ya sake rubutawa, ya sake gogewa. Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani ya san wannan zaman. Ka san abin da ya faru sarai, abin da ya gagara shi ne muryar da za ka faɗe shi da ita. Saƙon da Sani zai tura bai fi layi goma ba, amma daga gare shi ne maigidan zai yanke hukunci biyu: na farko a kan taki, na biyu a kan Sani kansa, ko mutum ne da za a ci gaba da damƙa wa littafin sito.

Saƙo biyu da ba su biya buƙata ba

Abin da ya fara zuwa wa Sani a rai shi ne wannan:

"Salamu alaikum Yallaɓai, barka da rana, ya hanya, ya iyali. Dama an ɗan samu 'yar matsala ce game da kayan Gusau. Ka san yau da safe babu wuta, ga cunkoson mutane a ofis, kuma shi mai sito bai duba takardar ba. To sai aka samu ɗan bambanci a lissafin buhunan. Amma in sha Allahu za a san yadda za a yi."

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan saƙo. Wutar ba ta nan, ofis ya cika, mai sito bai duba ba. Duk da haka, maigidan da ya karanta shi bai san buhu nawa ba ne, bai san wa ya yi ba, bai san me ake so ya yi ba. Dole ya bar abin da yake yi ya kira waya, ya riƙa tatso magana da tambaya. Kafin ya kai tambaya ta huɗu ransa ya ɓaci, kuma da ya gano cewa Sani ne ya rubuta lambar, sai ya koma ya karanta saƙon da sabon ido. Yanzu maganar wuta da cunkoso ta zama shinge da aka kafa tun kafin a zo, sunan mai sito kuma ya zama yunƙurin shafa wa wani kashin kaji.

Da Sani ya ga wannan bai yi ba, sai ya faɗa ɗaya gefen:

"Yallaɓai don girman Allah ka yafe mini, na tafka babban kuskure, wallahi ban san abin da ya same ni ba, tun ɗazu na kasa cin abinci. Na san na ba ka kunya bayan duk alherin da ka yi mini. Ka dubi iyalina, kada ka kore ni. Duk hukuncin da ka yanke na karɓa."

Wannan ya amsa laifi, amma shi ma bai faɗi laifin ba. Mai karantawa zai zaci an wawushe asusun kamfani ne. Ƙari a kan haka, saƙon ya ɗora wa maigida aikin da ba nasa ba, wato rarrashin Sani, a daidai lokacin da ya kamata hankalinsa ya tafi ga dilan da ke jira a Gusau. Abin lura shi ne saƙonnin biyu, duk da bambancin launinsu, kan Sani suke magana. Na farko yana kare shi, na biyu yana yi masa kuka. Taki kuwa na nan a sito.

Saƙon da ya kamata

Kafin Sani ya sake taɓa waya, ya yi aikin minti ashirin. Ya je sito ya ƙirga buhunan da idonsa. Ya duba jadawalin motoci, ya ga akwai wadda za ta tashi Sakkwato ranar Laraba, kuma Gusau a kan hanyarta take. Ya tambayi direban ko yana da wurin buhu 90, wato tan huɗu da rabi tunda kowane buhu kilo 50 ne, direba ya ce akwai. Ya kuma tambayi kuɗin ɗaukar shatar ƙaramar mota da za ta tashi a ranar. Sannan ya rubuta:

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe. Na yi kuskure a lodin Gusau na yau. Dilan ya biya buhu 320, ni kuma na rubuta 230 a takardar lodi, don haka mota ta tafi da giɓin buhu 90. Na gano da ƙarfe biyu, na ƙirga, buhunan suna sito. A yi haƙuri, laifina ne.

"Akwai hanya biyu. Motar Sakkwato ta ranar Laraba tana da wuri, za ta sauke masa ranar da yamma, ƙarin kuɗin naira 60,000. Ko kuma a ɗauki shatar ƙaramar mota yau ta isa gobe, naira 180,000. A ganina ta Laraba ta fi, in dilan ya amince da jiran kwana biyu. Ban kira shi ba tukuna, ina jiran izini. Motarmu za ta isa wurinsa wajen magariba, zai fi kyau ya ji daga bakinmu kafin ya ƙirga.

"Daga yau ba zan ba da takardar lodi ba sai na gwada lambar da ke cikinta da ta rasit, mai sito kuma ya sa hannu."

Maigida zai iya karanta wannan a tsaye, tsakanin taro da taro, ya amsa da kalma uku: "Laraba. Kira shi." Ko da ransa ya ɓaci, kuma yana da haƙƙin ya ɓaci, an ba shi abin da zai yi aiki da shi.

Sirrin yana cikin "na" da "an"

Harshen Hausa ya tanadar wa mai son kauce wa laifi ƙofofi masu yawa, kuma tun muna yara muka san su. Yaron da ya fasa kofi ba ya cewa "na fasa", sai ya ce "kofi ya fashe". Wanda ya zubar da mai ya ce "mai ya zube". Wanda ya ɓatar da kuɗin cefane ya ce "kuɗin sun ɓata", kamar ƙafa suka yi suka tafi. Da muka girma muka shiga ofis, sai muka koma ga babbar ƙofar, wato "an": an samu matsala, an yi mantuwa, an samu tangarɗa, ba a lura ba. Aiki ya auku, mai aikin ya ɓace.

Abin da ke rikitar da mutane shi ne wannan "an" ɗin ita ce kuma harshen ladabi. Bahaushe ba ya ce wa babba "ka dawo lafiya?" kai tsaye in yana son girmama shi, sai ya ce "an dawo lafiya?" Yana cewa "a yi haƙuri", "a gafarce ni", "in an amince". Saboda haka ma'aikaci yakan rubuta "an yi kuskure" yana jin ladabi yake yi, alhali shugaban da ke karantawa zillewa yake gani.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. "A" da "an" na shugaba ne, wurin da kake roƙo ko neman izini. "Na" da "ni" naka ne, wurin da kake faɗin abin da ka aikata. Dubi saƙon Sani na uku: "na yi kuskure", "na rubuta", "na gano", "na ƙirga", sannan "a yi haƙuri", "a ɗauki shata". Ladabi bai ragu da komai ba, kuma ba wanda zai tambaya wa ya yi. In ka gama rubuta saƙonka, bi shi layi-layi ka nemi duk inda "an" ta tsaya a wurin da sunanka ya kamata ya tsaya, ka mayar da ita "na".

Akwai kuma ƙananan kalmomin rage nauyi: "ɗan", "'yar", "kawai", "dama". 'Yar matsala, ɗan bambanci, mantuwa ce kawai. Buhu 90 ba ɗan bambanci ba ne, kuma ko da ƙarami ne, ba mai laifi ke yanke girman laifinsa ba. Faɗi adadin, ka bar shugaba ya auna. Haka ma kambamawa, irin su "babban bala'i" da "na shiga uku", ba ta da amfani. Lamba ta fi duk waɗannan nutsuwa.

Sai "amma". Duk abin da ya zo kafin "amma" a saƙon ban haƙuri, "amma" ta cinye shi. "Na yi kuskure, amma ka san aikin ya yi yawa" ma'anarsa a kunnen mai karatu ita ce aikin ne ya yi kuskuren. Ita ma "in" ɗin sharaɗi haka take: "in na yi kuskure a yafe mini". Ka san ka yi, shi ya sa kake rubutu, to me ya kawo "in"?

Haka nan maganganun da kowa ya yarda da gaskiyarsu, irin su "ɗan Adam ajizi ne" da "ƙaddara ta riga fata". Ba mai musun su. Sai dai sun fi kyau a bakin wanda aka yi wa laifi. In maigida ya ce wa Sani "ba komai, ɗan Adam ajizi ne", karamci ya yi. In Sani ne ya riga shi faɗa, ya yafe wa kansa ke nan tun kafin a yafe masa.

Ina iyakar bayani, ina farkon uzuri?

Wani zai ce, to ai gaskiya ne babu wuta, gaskiya ne mai sito bai duba ba, don me za a ɓoye? Ba a ce a ɓoye ba. Akwai gwaji guda da ke raba bayani da uzuri: wannan maganar, za ta taimaki shugaba ya yanke shawara ko ya hana abin sake faruwa, ko kuwa ni kaɗai za ta taimaka? Rashin wuta bai sa hannu ya juya 320 zuwa 230 ba, kuma sanin haka ba zai kai buhu ko ɗaya Gusau ba, don haka uzuri ne. Amma cewa takardar lodi na fita ba tare da mutum na biyu ya duba ta ba, wannan rami ne a tsarin aikin kamfanin, kuma maigida na buƙatar saninsa.

Dubi inda Sani ya ajiye wannan magana. Bai sa ta a farko a matsayin dalili ba, ya kai ta ƙarshe a matsayin gyara: daga yau mai sito zai sa hannu. Maigida mai hankali zai gane da kansa cewa da can ba a yin haka. Gaskiyar ta isa inda za ta je, ba tare da an tura ƙeyar kowa ba. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. A saƙon amsa kuskure, tudunka kaɗai za ka nuna. In shugaba ya tambaya daga baya wa da wa suka ga takardar, sai ka faɗi gaskiya yadda take, ba ƙari ba ragi.

Wannan ba ya nufin ka ɗauki laifin da ba naka ba don a ce kana da kirki. In da mai sito ne ya loda 230 alhali takarda ta ce 320, aikin Sani shi ne ya kai rahoto, ba ya ba da haƙuri ba. Wanda ya saba amsa laifin kowa, wata rana za a daina gaskata shi ko a kan nasa.

Abin da masu bincike suka gani

A shekarar 2016, wani malami a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, Roy Lewicki, tare da abokan aikinsa, sun wallafa bincike kan abin da ke sa ban haƙuri ya karɓu. Sun kasa ban haƙuri gida shida: nuna nadama, bayanin abin da ya faru, amsa cewa laifin naka ne, alkawarin ba za a sake ba, tayin gyara ɓarnar, da roƙon gafara. Suka ba mutane 755 saƙonni iri-iri su auna. Abin da ya fi nauyi a wurin masu karantawa shi ne amsa laifi, sai tayin gyara ya biyo baya. Wanda ya zo ƙarshe shi ne roƙon gafara.

Binciken a Amurka aka yi shi, kuma a wurinmu saƙon da babu "a yi haƙuri" a cikinsa zai yi kama da tsaurin ido. Don haka ba za mu yar da roƙon gafara ba. Darasin shi ne na rabo. Mu mun saba ba roƙo kashi tara cikin goma na saƙo, mu bar wa gyara layi ɗaya maras tabbas. Juya rabon ya kamata a yi: haƙuri sau ɗaya, da zuciya ɗaya, sauran wurin kuma a ba bayani da gyara.

Tun kafin wannan bincike da ƙarnuka, tarihin Musulunci ya adana labarin da ya shafi uzuri. A shekara ta 9 bayan Hijira, sahabi Ka'abu ɗan Malik bai fita yaƙin Tabuka ba. Da aka dawo Madina, mutum tamanin da 'yan kai suka zo suna kawo hanzari suna rantsuwa, aka karɓi zahirin maganarsu. Ka'abu mawaƙi ne mai fasahar harshe, ya kuma san zai iya tsara uzurin da zai fitar da shi. Sai ya zauna gaban Annabi (SAW) ya faɗi cewa ba shi da wani uzuri, hasali ma bai taɓa samun ƙarfi da wadata irin na lokacin ba. Gaskiyar ba ta sa an sallame shi nan take ba. Shi da Murara ɗan Rabi'u da Hilal ɗan Umayya sun yi kwana hamsin ba mai yi musu magana, kafin aya ta 118 ta Suratut Tauba ta sauka da karɓar tubansu. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito labarin. Matsayin ya fi ƙarfin a kwatanta shi da na ofis, amma akwai abin da ma'aikaci zai ɗauka: amsa laifi ba dabarar kauce wa hukunci ba ce. Wataƙila a yi maka faɗa, wataƙila a yanke maka wani abu. Abin da kake tsira da shi shi ne a ci gaba da yarda da maganarka.

Gyara, da iyakar hurumi

Gyaran da ke cikin saƙo sai ya kasance mai rana da farashi. "Za a san yadda za a yi" ba gyara ba ne. "Motar Laraba, naira 60,000, za ta sauke da yamma" shi ne gyara. "In sha Allahu" tana da wurinta, kuma Musulmi ba ya barin ta, amma a jingina ta da lokaci: "zan kira shi kafin la'asar in sha Allahu". In ta tsaya ita kaɗai ba rana ba sa'a, duk mun san yadda ake fassara ta a kasuwa.

Sai a kula da wani tarko. Mai jin kunyar kuskurensa yakan yi gaggawar gyarawa a ɓoye, don ya zo da labarin an riga an gama. Da Sani ya ɗauki shatar naira 180,000 da kuɗin kamfani ba izini, da ya ɗora kuskure na biyu a kan na farko, kuma na biyun ya fi muni, domin da gangan aka yi shi. Abin da ke cikin huruminka, kamar ƙirga buhu, tambayar direba da neman farashi, yi shi kafin ka rubuta. Abin da ya shafi kashe kuɗi ko magana da abokin ciniki da sunan kamfani, kawo shi a matsayin shawara, ka faɗi wadda ka fi so da dalilinka, ka bar wuƙa da nama a hannun mai su.

Kada kuma neman gyara ya zama dalilin jinkiri. Minti ashirin ko talatin na tattara bayani daidai ne. Kwana guda ba daidai ba ne. Ma'aunin shi ne shugaba ya ji daga bakinka kafin ya ji daga wani. A misalinmu agogon a fili yake: da magariba dilan zai ƙirga buhu, kuma lambar maigida zai kira. In lokaci ya ƙure ba ka samo mafita ba, rubuta hakan: "Ban samo hanya ba tukuna, ina tambayar direbobi, zan sake rubutowa da ƙarfe huɗu." Sannan da ƙarfe huɗu ka rubuto, ko da labarin bai canza ba.

Haka nan kada zafin nadama ya sa ka rubuta "a cire daga albashina". Ba ka san ko tsarin wurin ya tanadi haka ba, kuma abin da ka rubuta ya zama shaida. In shugaba ya tayar da maganar, sai a zauna a yi ta ido da ido.

Gaisuwa, waya da murya

Ba a shiga wa babba da magana ba sallama, ko da gobara ake yi. Amma a irin wannan saƙo gaisuwa layi ɗaya ta isa, da lakabin da ka saba kiran sa da shi: ranka ya daɗe, Yallaɓai, Alhaji, Malam, ko ranki ya daɗe da Hajiya in mace ce. Kada ka ƙirƙiro sabon kirari ranar da ka yi laifi. Wanda kullum yake cewa "Oga" in ya wayi gari da "Allah ya ja zamanin mai girma", an san akwai magana a ƙasa. Kada kuma ka tura sallama kaɗai ka zauna jiran amsa kafin ka faɗi abin da ke tafe da kai. Sa komai a saƙo ɗaya.

In abin na gaggawa ne, ko shugaban dattijo ne da ke ganin rubutu a waya raini ne, fara da kira ko ka je da ƙafarka, sannan ka bi da rubutu domin lambobin su zauna. Saƙon murya ya fi kowanne haɗari. Mutum yakan fara da niyyar minti ɗaya ya ƙare a biyar, uzurin da ya hana kansa rubutawa duk ya zubo, ga shi shugaban da ke cikin taro ba zai iya saurara ba. Tsara maganarka a wani wuri, ka karanta ta sau biyu, sannan ka tura. A WhatsApp, saƙon da ka goge yana barin alamar an goge, wanda ka gyara cikin minti 15 da aka ba da dama shi ma yana nuna an gyara. Shugaban da ya buɗe waya ya tarar da gogaggun saƙonni uku a jere ya fara zargi tun bai karanta na huɗun ba. Hotunan fuska mai kuka da na haɗa hannu kuwa, a bar su sai hirar abokai. Kuma kuskurenka kai tsaye za ka kai wa shugaba, ba a zauren ma'aikata ba.

A aikin gwamnati da manyan kamfanoni, magana kan kai ga takardar tuhuma, wadda ake ba ma'aikaci wa'adin kwana ɗaya zuwa uku ya amsa a rubuce, kuma amsar tana shiga fayil ɗinsa. Muryar ba ta canzawa, sai dai taka-tsantsan ya ƙaru. Rubuta abin da ka yi da abin da ka gani da idonka, da rana da lokaci. Kada ka yi hasashe, kada ka amsa abin da ba ka tabbatar ba don kawai a rufe magana. In batun ya shafi ɓatan kuɗi ko abin da zai iya kaiwa kotu, nemi shawarar wakilin ƙungiyar ma'aikata ko lauya kafin ka sa hannu.

Bayan an tura

Amsar na iya zuwa da zafi. In maigida ya rubuto "wane irin sakaci ne wannan?", ba tambaya yake yi ba, don haka ba lokacin fito da maganar wuta da cunkoso ba ne. "Gaskiya ne, ranka ya daɗe. In kira dilan?" ta wadatar. In kuma ya yi shiru alhali lokaci na tafiya, kira shi. Kada ka bi shi da sabon ban haƙuri duk bayan rabin sa'a.

Saƙo na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi ke rufe maganar. Ranar Laraba da yamma Sani zai rubuta: "Ranka ya daɗe, buhu 90 sun isa Gusau da ƙarfe biyar, dilan ya ƙirga ya sa hannu. Ga hoton takardar." Ba sai ya sake ba da haƙuri ba, kuma ba sai ya yi ta tuna wa maigida da zancen duk lokacin da suka haɗu ba. Abin da ya rage shi ne alkawarin da ya ɗauka a layin ƙarshe na saƙonsa. In bayan wata biyu aka sake samun takardar lodi ba sa hannun mai sito, duk kyawun saƙon farko ya tashi a banza.

Su ma shugabanni akwai nasu rabon. Wanda ya wulakanta ma'aikacin da ya kawo kuskurensa da kansa, ya koya wa sauran ma'aikata su riƙa ɓoye nasu, kuma zai riƙa jin labarin ɓarna daga bakin abokan ciniki. A hukunta sakaci in ya cancanci hukunci, amma a bambanta wanda ya zo da ƙafarsa da wanda aka kamo.

Kai kuma mai karatu, ranar da abin ya zo kanka, kafin ka tura saƙon karanta shi kamar kai ne maigidan, kana tsaye a bakin ɗakin taro da minti ɗaya a hannunka. Ka san abin da ya faru da adadinsa? Ka san wanda ya yi? Ka san abin da ake so ka yanke, da lokacin da ya rage? In amsar duka ukun e ce, tura. In akwai layin da ba ya amsa ko ɗaya daga cikinsu, ban da sallama da haƙuri guda, goge shi.